Idan haɗin kamara da waya yana yankewa lokacin tura hotuna

Zuwa ga yaran shago masu fita aikin biki da suna a cikin Zinder. Ku ajiye wannan a wayoyinku. Kafin wani ya ce mini kamara ta lalace, ya bi abin da ke nan daki-daki, domin galibi matsalar daga waya take.

Ku fara sanin aikin kowanne. Bulutut shi ke riƙe sanayya tsakanin kamara da waya, ba ya cin batir sosai, amma ba shi da ƙarfin ɗaukar manyan hotuna. Da ka shiga wajen duba hotunan kamara a cikin manhajar Camera Connect don ka sauke su, kamara ke buɗe wifi nata na kanta, waya ta hau. To wannan wifi ba shi da intanet, kuma nan ne gizo ke saƙa. Waya na ganin babu intanet sai ta sake shi, ta koma kan datar sim ko wifi ɗin shago, hoto ya tsaya a rabi. Don haka ku kashe Données mobiles kafin ku fara turawa. In akwai VPN a kunne, shi ma a kashe. Idan waya ta tambaya ko ta ci gaba da zama kan rezon da ba shi da intanet, ku danna Oui. Da yawanku kuna share wannan tambayar da yatsa ba ku karanta ba, ina ganinku.

In ya sake yankewa, ku duba tsimin batir. Wayoyin Android suna rufe manhajar da aka bari a baya, musamman idan allo ya mutu. Ku shiga Paramètres, sai Applications, ku zaɓi Camera Connect, a wajen Batterie ku sa Sans restriction. Sunan yakan ɗan bambanta daga Tecno zuwa Samsung, amma abu ɗaya ne. A nan kuma ku tabbata an ba ta izinin Appareils à proximité, wanda ya shigo daga Android 12. Tsofaffin wayoyi izinin sanin wuri suke nema. Kuma don Allah, ana cikin turawa kada ka fita ka shiga WhatsApp don ƙawar amarya ta matsa maka. Ta jira minti biyu.

Ita ma kamara tana barci. Ku ƙara lokacin Arrêt auto, kuma kada ku fara tura hotuna da batir mai sanda ɗaya.

Sai taron jama'a. Bulutut da wifi ɗin kamarorinmu duk a kan 2.4 GHz suke, tare da wayoyin kowa da lasifikar makaɗa da masu raba wa abokai data. A ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, ko cikin rumfar biki a Zengou, abin yakan yi yawa. Ku fita daga cunkoso, ku ajiye waya dab da kamara, kamu ɗaya ko biyu, ku cire abin kunne na bulutut idan yana haɗe. Zafi ma yana da nasa. Yawancin kamarori an yi su don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce haka, ga wifi yana ƙara ɗumama su. Idan jikin kamara ko bayan waya ya yi zafi a tafin hannu, ku kashe, ku kai inuwa su huce. Kada a bar su cikin akwatin babur a rana.

Duk an yi bai yi ba? A raba su a sake haɗawa, amma ta ɓangare biyu. A waya ku goge sunan kamara daga jerin bulutut da na wifi, a kamara ku goge wayar daga saitin sadarwa. Wanda ya goge gefe ɗaya kawai zai yini yana fama. Ku kashe duka biyun ku kunna, sannan ku haɗa daga cikin manhajar, ba daga shafin bulutut na waya ba. Ku duba kuma ko kamara ba ta riƙe da wayar wani daga cikinku, tunda kuna karɓa-karɓa da ita.

Hoton RAW ɗaya yakan wuce mega 20, na JPEG da aka rage girmansa bai kai ko kusa ba. Wanda za a sa a WhatsApp, ƙarami ya isa, kuma ku tura goma-goma. In hotunan biki ne gaba ɗaya, ɗari uku ko huɗu, ku bar wifi: kashe kamara, cire kati, sa shi a na'urar karanta kati ta OTG da ke aljihun gaba na jakar kowa. Idan har da wata wayar daban haɗin bai tsaya ba, ku kawo mini kamarar shago da daddare, da batirinta da katinta.