Jawabin taubashiyar amarya a dinar Hafsatu da Bashir

Assalamu alaikum. Iyayenmu mata da maza, yayye da ƙanne, dangin ango da suka taso tun daga Zariya, ƙawayen amarya masu anko ruwan goro, sannunku da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

Sunana Rabi, baban amarya ƙanin Mamata ne, kun ga kenan Hafsatu taubashiyata ce, duk abin da na faɗa a wajen nan ba mai kai ƙarata gaban kowa. Shi ma ango Bazazzagi ne ya shigo Kano neman aure, Kanawa da Zagezagi kuwa kun san tsakaninsu, don haka Bashir ka gyara zaman babbar rigarka kawai ka saurara.

Kawu Malam na hango ka kana gyara tabarau, to bari in wanke kaina tun yanzu. Maganar taurari zan yi amma wasa ne, gaibu sai Allah, ba tauraron da ke ƙulla aure ko ya raba shi. Buruji dai Allah ya halicce su, har sura guda muka haddace da sunansu a islamiyya, ta 85. Sauran zancen kuwa na 'yan waya ne, su na ara yau.

To 'yan wayar nan sun ce an raba shekara gida 12. Amaryarmu an haife ta 28 ga Maris, ta faɗo gidan Hamal, wato Rago, wanda ke farawa wajen 21 ga Maris ya kai 19 ga Afrilu. Ango kuma 5 ga Oktoba, gidan Mizani, Sikeli kenan, daga wajen 23 ga Satumba zuwa 22 ga Oktoba. A cikin gidajen nan kaf ba biyun da suka fi waɗannan nisa da juna, wata shida ne tsakani, in ɗaya yana fitowa ta gabas ɗayan yana faɗawa ta yamma. Duk faɗin ƙasar nan, duk samarin da suka yi ta zarya ƙofar gidan Kawu, Hafsatu ta tsallake su ta je can ƙarshen sama ta ɗauko nata.

Kuma ko ba taurari ai lokacin haihuwar ma ya isa shaida. Ita an haife ta a tsakiyar bazarar Kano, lokacin da fanka ke hura wuta mutane na kwana a tsakar gida, shi kuwa ya zo ƙarshen damina, gero ya nuna, sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa, kowa hankalinsa kwance. Wallahi har yau haka suke.

An ce Rago wuta ne, baya jira, in ya sa kai ya sa. Ƙawaye ku faɗi gaskiya, akwai wadda ta taɓa riga Hafsatu shiryawa? In an ce fita ƙarfe huɗu, uku da rabi tana cikin adaidaita tana kiran waya tana cewa ku ina kuke ne wai. Faɗa kuma tun muna yara ita ke tare mana, fushinta wutar kara, kafin ka gama ba ta haƙuri ta huce har ta zubo maka abinci.

Sikeli kuma an ce iska ne, aikinsa awo. Jama'a, na raka bawan Allahn nan Kantin Kwari haɗa lefe, ni da yayyensa mata. Atamfa biyu aka ajiye masa a gaba, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya kai ta bakin ƙofa ya duba a hasken rana, ya dawo ya ce kowacce da kyaunta. Muka shiga da hantsi, aka kira azahar muna nan, mai shago ya je sallah ya dawo ya same mu, har ya aika aka sayo mana fura don tausayi. Daga ƙarshe Anti Binta ta ɗauki hoto ta tura wa amarya, ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo: shuɗiyar, kuma ku taho gida. Bashir ya yi ajiyar zuciya ya ce dama ita ya fi karkata a kai.

Turo magabata ma haka aka sha. Yana auna watan da ya dace, kafin azumi ko bayan sallah, ko a bari sai an gama ginin, ita kuwa ta ce masa Malam Bashir, Abba ya ce ranar Asabar yana gida. Asabar ɗin kuwa sai ga motoci daga Zariya da goro da alawa.

Na so in taimake su fa. Na ji masana sararin samaniya sun ce ranakun nan tsohon lissafi ne na shekara 2,000 da suka wuce, yanzu sun goce da kusan wata guda, wanda aka haifa ƙarshen Maris rana tana gidan Kifi ne, na farkon Oktoba kuma tana gidan Zangarniya. Na ce alhamdulillahi an raba gardama, sai na duba na ga Kifi da Zangarniyar ma gaba da gaba suke. Ko ta ina aka juya sama, Hafsatu tana wannan gefe Bashir yana wancan, suna kallon juna.

Kallon junan nan kuwa ni na ga amfaninsa da idona. Lokacin da aka ɓata mata rai a wajen aiki ta rubuta takardar ajiye aiki a daren, shi ne ya ce ki bari gari ya waye Hafsa, ki kwana a kai, ya zauna a waya yana saurarenta har ta sauko, yau ga shi an ƙara mata girma a wurin. Shi kuma da ya daɗe yana lissafin buɗe shagon kayan sola, yana tsoron asara yana ta auna riba, ita ta ɗauki kuɗin adashinta ta ce ga na kama shago, in ka gama awon ka same ni a can. Shagon ne ya yi lefen nan da aka yi ta santi. Kuma ba zan manta ba da Gwaggo ta kwanta asibiti, kullum bayan magariba sai ya zo ya zauna a benci da ledar lemo, ba ya cewa komai, amma in Hafsatu ta leƙo ta gan shi sai ka ga ta daina safa da marwa.

Don haka ango ga amanar taubashiyata. In ta taso da zafinta kar ka ce za ka auna laifin waye, ka kawo ruwan sanyi tukuna. Ke kuma amarya, in kin tambaye shi tuwo ko shinkafa, don Allah ki ba shi minti biyar kafin ki ɗora tukunyar da kika riga kika yanke. Sunan ɗan fari kuwa dangi mun roƙa a fara shawara tun yau, kar ranar suna ta zo liman na zaune mahauci na riƙe da wuƙa, uban jariri yana cewa kowanne suna da daɗinsa.

Allah ya sanya albarka a auren nan, ya ba ku zaman lafiya da haƙuri da juna, ya buɗa muku ƙofofin arziki na halal, ya kawo ƙazantar ɗaki, 'ya'ya masu albarka ko a wane wata suka zo. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya mai da baƙinmu na Zariya gida lafiya. Ku ce amin da ƙarfi. Mai kiɗa bismillah, amarya ta riga ta miƙe, a ɗan taimaka a tayar mana da ango.