Tsarin Shukar Daminar Bana ga Manoman Ƙungiyarmu a Ƙasar Bunguɗu

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ga tsarin da muka tsayar a zaman da muka yi da malamin gona. Wanda ya karanta ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

A nan wajenmu ruwa yakan zauna ne daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Damina ta Allah ce, amma lissafi namu ne. Saboda haka muka ɗauki 10 ga Oktoba a matsayin ranar da ba za mu ƙara dogara da danshin ƙasa ba. Kowa ya dubi kwanakin da irinsa ke ɗauka kafin ya nuna, ya ƙirgo baya daga wannan rana, nan zai ga iyakar ranar shukarsa.

Kada ruwan fari ya ruɗe mu. Sau da yawa yakan sauko a Mayu sannan ya yi ƙafa mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, ga iri da tsada. A jira ruwa mai ƙarfi, kamar milimita 20 ko fiye, a tona ƙasa a ga danshi ya kai tsawon tafin hannu. A kuma riƙa sauraren hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet a rediyo. Mai son yin binne ya tsaya a kan gero kaɗai, kuma ya rage irin da zai yi gyara da shi.

Gero ne kan gaba, da zarar ruwa ya zauna. Irin geron SOSAT yana nuna a kwana 90 ko kusa da haka, wanda ya shuka 5 ga Yuni zai fara tumu a ƙarshen Agusta, ya yi girbi a farkon Satumba, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Dawa ta bi bayansa cikin Yuni. Kaura da farafara ba sa bin ƙirgen kwanaki, sai rana ta fara gajarta suke fidda kai, don haka mai jinkiri kara ne zai samu siriri da ƙaramin zangarniya.

Masara ita ce muka fi daɗewa a kanta, domin nan kuɗin taki yake. Iri mai kwana 110 kada ya wuce 22 ga Yuni bai shiga ƙasa ba. Idan ruwa ya makara har wannan rana ta wuce, a ajiye shi a koma ga mai kwana 90, shi yana da dama har 12 ga Yuli. Bayan nan, a ganina, wanda ya shuka masara a jigawa ya jefa takinsa cikin haɗari, gara ya bar gonar wa wake. Masara ta fi buƙatar ruwa lokacin da take fidda gemu, muna so wannan ya faɗo cikin marka ta Agusta. A duba jikin buhun iri a ga kwanakinsa kafin a biya kuɗi, irin da ba a san kwanansa ba ba ya shiga lissafi.

Waken suya mai kwana 120, a shuka shi zuwa 15 ga Yuni, ya bushe a tsakiyar Oktoba. Gyaɗa SAMNUT 24 tana nuna a kwana 90 ko ƙasa da haka. Shukar 25 ga Yuni za ta kai cira wajen 23 ga Satumba, ƙasa da sauran laushi, 'ya'ya ba za su tsinke a ciki ba.

Wake mai kwana 75 kuwa kada a yi masa gaggawa. Idan ya bushe ana tsakiyar ruwa, ruɓewa zai yi a kwanso. Mun tsayar da 20 ga Yuli zuwa ƙarshen watan, wanda ya shuka 25 ga Yuli zai yi roro wajen 8 ga Oktoba.

Masu gonakin nesa, kun san halin da hanyoyi ke ciki. Shawararmu ita ce a sa wake ko gyaɗa a can, amfanin da za a kwashe da wuri, Allah Ya kawo mana zaman lafiya.

Garmar shanun ƙungiya za ta fara da gonakin masara da waken suya, na gyaɗa su biyo baya. Duk mai buƙata ya kawo mini sunansa, girman gonarsa da irin da zai shuka kafin 15 ga Mayu. Idan 20 ga Yuni ta yi ruwa bai zauna ba, za mu hallara bayan la'asar a ƙofar gidan mai gari mu sake jera ranakun.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Magatakardan ƙungiya