Baƙon Da Bai Ce Uffan Ba

A Shara Mansur da ke Makka kowa ya san shagon Alhaji Sale mai dabino da carbi da darduma. An kuma san halinsa. Farashi biyu gare shi, na ɗan gari da na sabon alhaji. In ya hango tsoho da silifas ɗin roba, ko sallamarsa ba ya amsawa sai ya ga launin riyal.

Daren wata Alhamis, ana saura kwana 9 Arfa, ya yi mafarki. Wani dattijo ya shigo shagon da sanda da gora, ƙafafunsa duk faso, ƙura har gwiwa. Ya zauna a kan buhun dabino.

"Baba, me za a kawo?"

Shiru. Sale ya faɗi farashin ajwa, ya rage, ya sake ragewa, har ya ce a ɗauka kyauta. Dattijon kallonsa kawai yake yi, ba fushi, ba fara'a. Can Sale ya buɗe baki zai yi masa sallama, ya ji muryarsa ta ɗauke. Ya farka jiƙe da gumi, ga kuwa na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Bayan asuba ya wuce Jarwal wurin mahaifiyarsa. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta ajiye carbinta.

"Gorar da igiyar fata a wuya?"

"Haka ne, Inna."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. "Kakanka da ƙafa ya taso daga Haɗeja. Shekara 7 yana hanya. Ya yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira a ƙasar Sudan kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa a Sawakin. Da ya iso garin nan ba Larabci, ba sisi. Kwana 3 ya yi a bakin kasuwa bai yi magana da kowa ba, har wani mai dabino ya miƙo masa ruwa ya zaunar da shi. Gorar tana cikin akwatina."

Sale bai nemi a buɗe akwatin ba.

Da hantsi wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shagon tana murza ƙullin bakin zanenta. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa. Yaron shago ya ɗaga hannu zai sallame ta kamar kullum, sai ya ji maigidansa ya amsa da ƙarfi har ya miƙe tsaye.

"Iya, shigo daga ciki. Habu, kawo kujera da ruwa."

"Ɗan nan, riyal 20 ne da ni kacal. Jikoki 6 na baro a Gumel."

Ya gaya mata farashin 'yan gari, ya auna, ya ƙara cikin tafi biyu. Sannan ya janyo buhu ya zauna a gabanta.

"Iya, ya kuka baro damina a gida?"