Bayanin silaid na 7 zuwa 14: sababbin kamuwa, masu ɗauke da cuta da teburin gida huɗu

Ga ɗaliban shekara ta biyu, sashen lafiyar al'umma.

Assalamu alaikum. Ranar Litinin wuta ta ɗauke muna tsakiyar silaid na 9, kuma na ga fuskokin wasunku tun kafin ta ɗauke. Ga bayanin a rubuce. Ku buɗe silaid ɗin a waya ku riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake so ya zauna muku guda ne: duk adadin da kuka gani a wannan darasi, kafin ku taɓa kalkuleta ku tambayi kanku, cikin su wa aka ƙirga, kuma a tsawon wane lokaci?

Silaid na 7 da na 8

```
Prevalence = existing cases / total population
Incidence  = new cases / population at risk
```

Layi na farko yana ƙirga duk wanda ke ɗauke da cutar a lokacin da aka duba, ko jiya ya kamu ko shekara goma ke nan. Na biyu ba ruwansa da tsofaffin marasa lafiya, sababbin kamuwa kawai yake ƙirgawa a cikin wani lokaci da aka ƙayyade.

Mu ƙaddara wani ƙauye mai manya 1,000. Alƙaluman nawa ne, don lissafi ya zo da sauƙi. Ranar 1 ga Janairu kun auna kowa, kun sami 50 da hawan jini. Masu ɗauke da cutar ke nan 50 cikin 1,000, kashi 5 cikin ɗari. Kuka ci gaba da bibiyar ƙauyen har ƙarshen Disamba, mutum 19 suka kamu. A nan ne yawancinku ke zamewa, ku rubuta 19 bisa 1,000. A'a. Mutum hamsin ɗin nan sun riga sun kamu, ba za su sake zama sababbi ba, don haka sai a cire su. Waɗanda ke iya kamuwa 950 ne, kuma 19 bisa 950 kashi 2 cikin ɗari ne a shekara. Ku lura da "a shekara". Wanda ya rubuta kashi 2 ya yi shiru bai faɗi komai ba, domin kashi 2 a mako annoba ce, kashi 2 a shekara goma kuwa abu ne mai sauƙi.

Haka za ku cire duk wanda cutar ba ta iya kamawa. Ba a sa maza a ƙasan lissafin sankarar bakin mahaifa.

Silaid na 9, mai hoton randa

Ruwan da ake zubawa ta sama shi ne sababbin kamuwa. Wanda ke kwance a cikin randar shi ne masu ɗauke da cutar. Randar kuma tana yoyo ta huji biyu: warkewa da mutuwa. Ruwa yana iya taruwa don an ƙara zubawa, yana kuma iya taruwa don an toshe huji.

```
P ≈ I × D
```

P shi ne masu ɗauke da cutar, I sababbin kamuwa, D kuma matsakaicin daɗewar cutar a jikin mutum. Wannan lissafi yana aiki ne idan al'amura sun daidaita, ba a tsakiyar ɓarkewa ba, kuma idan masu cutar ba su da yawa a cikin jama'a. Ku gwada: cutar da ke kama mutum 10 cikin 1,000 a shekara, tana daɗewa shekara 5, za ku sami kusan 50 cikin 1,000 ɗauke da ita a kowace rana. Wata kuma ana kamuwa da ita sau 520 cikin 1,000 a shekara amma mako ɗaya take yi, ranar da kuka shiga gari kusan mutum 10 kawai za ku tarar. Wadda ta fi kama mutane nesa ba kusa ba ita ce ta fi ƙaranci a ranar ƙidaya.

Wannan ba wasan lissafi ba ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da cutar ƙanjamau. Adadin masu ɗauke da ita ne, bai gaya muku mutum nawa suka kamu a wannan shekarar ba. Inda maganin rage kaifin cutar ya wadata, mutane suna daɗewa a raye, sai adadin masu ɗauke da ita ya ƙi sauka ko ma ya hau, alhali aiki ne ya yi kyau. A ɗaya gefen, Ebola ta kama mutum 20 a Najeriya a 2014, 8 suka rasu. Cuta irin wannan ba ta zama a jiki, ko a tashi ko a tafi cikin 'yan makonni, don haka ba wanda ke bin ta da ƙidayar rana ɗaya. Sababbin kamuwa ake bi kullum.

A wurin aiki ga yadda abin yake. Mai yin odar maganin hawan jini na wata uku yana bukatar adadin masu ɗauke da cutar. Mai son sanin ko gyaran rijiya ya rage amai da gudawa, sababbin kamuwa zai duba.

Silaid na 10

Ba zan daɗe a kansa ba. Wani lokaci ba kowa ake iya bi har ƙarshe ba: wani ya tafi cirani, wata ta yi aure ta bar gari. Sai a tara lokacin da aka bi kowa a sa shi a ƙasa. Mutum 10 da aka bi shekara guda daidai suke da mutum 20 da aka bi wata shida. Ku iya wannan, ya isa a bana.

Silaid na 11 da na 12: teburin

```
             Disease +   Disease -
Exposed          a           b
Unexposed        c           d

RR = [a/(a+b)] / [c/(c+d)]
OR = (a × d) / (b × c)
```

Layin sama waɗanda suka haɗu da abin da ake zargi ne, na ƙasa waɗanda ba su haɗu da shi ba. Hagu masu cuta, dama masu lafiya. RR, wato relative risk, haɗarin kamuwar layin sama ne a raba da na layin ƙasa. OR, wato odds ratio, wani ma'aunin alaƙa ne da ake samu ta ninka gidajen a gicciye. Kowane mutum gida ɗaya yake shiga, ba ya shiga biyu, ba a kuma barinsa a waje. Wasu littattafai suna juya teburin su sa cuta a layi. Don haka kada ku haddace "a bisa a da b" kamar karatun allo, ku karanta kan teburin tukuna.

Misalin da ke silaid na 12 ya faru da gaske. A watan Afrilun 1940 an yi wata liyafar cin abincin dare a wani coci a gundumar Oswego ta jihar New York, a Amurka. Cikin daren mutane suka fara amai da gudawa. Jami'in lafiya ya zauna da mutum 75 daga cikin mahalarta, ya tambayi kowa abin da ya ci, 46 daga cikinsu sun yi rashin lafiya. Ya yi wa kowane abinci teburinsa. Ga na askirim mai ɗanɗanon banila:

| | Sun yi ciwo | Lafiya lau | Jimla |
|---|---|---|---|
| Sun sha | 43 | 11 | 54 |
| Ba su sha ba | 3 | 18 | 21 |

Ku bi layi, daga hagu zuwa dama. Cikin 54 da suka sha, 43 sun kwanta, kusan kashi 80 cikin ɗari. Cikin 21 da ba su sha ba, 3 ne, kusan kashi 14. Raba na farko da na biyu, RR ya fito kusan 5.6. Da baki za ku ce: wanda ya sha askirim ɗin ya fi wanda bai sha ba haɗarin kamuwa kusan ninki biyar da rabi. Da ya fito 1, babu bambanci. Da ya gaza 1, waɗanda suka sha ne suka fi tsira.

Abin da nake so ku gani shi ne layin ƙasa. A irin wannan taro akwai abincin da kusan kowa ke ci, don haka idan marasa lafiya kaɗai kuka tambaya, za ku ji yawancinsu sun ci shi, ku ɗora masa laifi. Sai kun tambayi masu lafiya za ku tarar su ma sun ci. Ranar da aka kira ku gidan biki mutane sun kwanta, kada ku tsaya a kan masu kwance, ku nemi waɗanda ke zaune a tabarma suna hira, su ne b da d.

Kullum sai wani ya ɗaga hannu ya ce, Malam, mutum ukun nan da ba su sha ba fa? Tambaya ce mai kyau. Mutum yana manta abin da ya ci, cokali yana fita daga wannan kwano ya shiga wancan, wani kuma ciwonsa daga wani wuri ne. Da wuya teburin gaske ya zo da sifili a gidan c.

Silaid na 13 da na 14

A Oswego an san duk wanda ya ci da wanda bai ci ba, shi ya sa bin layi ya halatta. Akwai binciken da ake farawa daga marasa lafiya a waiwaya baya. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa irinsa daga asibitocin Landan: maza 649 masu sankarar huhu, da wasu maza 649 da ke jinyar wasu cututtuka.

| | Sankarar huhu | Sauran majinyata |
|---|---|---|
| Masu shan taba | 647 | 622 |
| Marasa sha | 2 | 27 |

Idan kuka bi layi a nan, 647 bisa 1,269, za ku ce rabin masu shan taba suna da sankarar huhu. Ba haka ba ne. Masu binciken ne suka zaɓi 649 a kowane gefe, da sun ninka gefen dama da amsar ta canza. Ba a samun haɗarin kamuwa daga irin wannan teburi. Sai OR: 647 sau 27, a raba da 622 sau 2, ya ba da kusan 14.

Za ku ji ana cewa OR da RR kusan abu ɗaya ne. Sai idan cutar ba ta da yawa a cikin jama'a, kamar sankarar huhu. Ku koma Oswego ku gwada: 43 sau 18 bisa 11 sau 3 ya haura 23, alhali RR bai kai 6 ba. Wanda ya tsaya gaban shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya ce "ninki ashirin da uku" ya yi ƙarin gishiri ba da saninsa ba. Sannan teburi alaƙa yake nunawa. Ko abin da ake zargi shi ne sanadi, ko wani abu na uku ne ke tafiya tare da shi, wannan darasin mako mai zuwa ne.

Aikin gida

Alƙaluman ƙirƙira ne. An yi walimar suna, mutum 120 suka halarta. Mutum 80 sun sha zoɓo, 40 daga cikinsu suka yi gudawa. Cikin sauran da ba su sha ba, 4 ne suka yi. Ku zana teburin da jimlarsa, ku fitar da RR da OR, ku rubuta jimla ɗaya da Hausa da za ku gaya wa mai gidan. Ku kuma faɗi ko adadin 44 cikin 120 sababbin kamuwa ne ko masu ɗauke da cuta, da dalili.

A rubuta da hannu a takarda guda, da lambar rajista a sama. Shugabar aji ta tattara ta kawo ofis kafin ƙarfe goma na safiyar Alhamis.