Kunun Kanwa Zuwa Tooting

Kwanan Hajiya Rabi tara a Landan aka yi waya da asuba cewa 'yarta Maryam ta sauka lafiya, mako biyu kafin lokacin da likitoci suka ɗiba. Hajiya ta sauka ne a gidan ɗanta Kabiru da ke Tottenham, a arewacin birnin, ita kuwa Maryam tana kwance a wani asibiti a Tooting, can kudu, ƙetaren kogin Thames. Kabiru ya tafi Birmingham wajen aiki tun jiya, sai dare zai dawo, kuma ya roƙe ta ta waya da ta yi haƙuri ta jira shi. Ta ce masa to, amma tana ajiye wayar ta shiga ɗakin girki ta dama kunun kanwa da geron da ta zo da shi daga Katsina, domin a shekarunta 71 ba ta taɓa ganin mai jego ta wuni ba ta sha abu mai zafi daga hannun uwarta ba.

Kafin jikanta ya wuce makaranta, ya rubuta mata sunayen tashoshi uku a takarda da manyan haruffa, ya miƙa mata katin Oyster da Kabiru ya saya mata, ya kuma raka ta har bakin tashar Seven Sisters. Daga nan ta rage ita kaɗai, da jakar leda mai ɗauke da fulas, da carbinta, da rigar sanyin surukarta a kan mayafi.

A ƙofar shiga ta tsaya tana kallon yadda mutane ke ɗora kati a kan wani abu ruwan ɗorawa, ƙofa ta buɗe su wuce. Ta yi bismilla ta kwaikwaye su, ƙofar ta buɗe mata, har ta ji ƙarfin gwiwa ya zo mata. Amma da ta iso bakin matakalar da ke tafiya da kanta, ta leƙa ta ga yadda take gangarawa cikin ƙasa kamar rijiya, sai ƙafafunta suka ƙi ɗagawa. Ta taɓa hawa irinta a Makka, to amma a can tana tsakiyar matan garinsu ne, wannan ta riƙe wannan. A nan kuwa jama'a sai ratsa ta suke yi ta dama da hagu, kowa na sauri, babu mai duban wani.

Wani saurayi ne ya tsaya. Dogo ne, farar fata, wandonsa duk fenti, da ɗan kunne a kunne ɗaya da zane a wuyansa, irin yaron da in a gida ta gan shi za ta ja jakarta kusa da jikinta. Ya cire abin sauraren da ke kunnensa ya yi mata magana, ba ta gane komai ba sai kalma ɗaya, "Mama". Ta miƙa masa takardar. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya nuna ƙirjinsa sannan ya nuna ƙasa, alamar shi ma can ya nufa. Da ya miƙo hannu ya ga ta noƙe, bai matsa mata ba; ya karɓi jakar fulas ɗin, ya juya mata baya, ya nuna mata igiyar jakar da ya goya. Ta kama igiyar da hannun hagu, ta dafa bakin matakalar da na dama, ya tsayar da ita a gefen dama inda masu tsayuwa ke tsayawa, suka gangara tana karanta Ayatul Kursiyyu a ranta.

A ƙasa wata iska mai ɗumi ta fito daga cikin ramin ta kaɗa mata mayafi, sannan jirgin ya biyo bayan iskar da ƙara. Layin Victoria ne, wanda ake zanawa da shuɗi mai haske a taswira. Jirgin cike yake, amma saurayin ya yi wa wani mutum magana a hankali, mutumin ya tashi ya ba ta wuri kusa da ƙofa. Sai ya nuna mata taswirar da ke saman taga, ya bi layin da yatsa har Stockwell, ya ɗaga yatsu goma, ya ƙara ɗaya. Hajiya ta fahimta. Ta ciro carbinta ta ware ƙwaya goma sha ɗaya, duk inda jirgin ya tsaya ta ja guda. Saurayin ya ga abin da take yi, ya yi murmushi, ya shiga faɗa mata sunan kowace tasha tana maimaitawa yadda harshenta ya iya.

A King's Cross mutane suka fita da yawa, waɗansu suka shigo fiye da su. Zafi ya fara damunta cikin rigar sanyin, ƙarar ƙafafun jirgin kuma tana shiga har cikin haƙoranta. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne babu sama, babu rana, babu ko bishiya da mutum zai gane gabas da ita. Ta tuna jirgin Kano zuwa Legas da ta shiga tana amarya, inda ake sayen rake da ƙwai ta taga. Da suka isa tashar Victoria, ƙwaya ta takwas, ta lura saurayin ya gyara goyon jakarsa ya matsa bakin ƙofa. Ƙofar ta buɗe, ya dubi agogon wayarsa, ya dube ta, ya tsaya har ƙofar ta rufe. Sannan ya buga wani saƙo a wayar, ya dawo ya tsaya kusa da ita. A nan ta gane cewa tasharsa ce ya bari ta wuce.

"Ɗan nan, za ka makara a wurin aikinka," ta ce da Hausa. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna fulas ɗin yana tambaya da ido. Ta haɗa hannuwa ta yi alamar rungumar jariri. Fuskarsa ta washe, ya ciro wayarsa ya nuna mata hoton wata tsohuwa mai ɗankwali a gaban wani gidan katako, ya ce "Babcia", ya nuna nesa da hannu. Ba ta san kalmar ba, amma ta san kakarsa ce, kuma ta san ya daɗe bai gan ta ba.

Tsakanin Pimlico da Vauxhall ya nuna sama ya yi alamar ruwa da hannunsa. Da ta gane cewa kogi ne a bisa kansu, sai ta ƙara damƙe carbin, ba ta sake shi ba har Stockwell. Ta zaci za a sake hawa matakala, ashe ɗan tsallake ne kawai zuwa ɗaya dandamalin, inda jirgin layin Northern mai zuwa Morden yake tsayawa. Ya ɗaga yatsu shida, ta ware ƙwaya shida.

A Tooting Broadway ita ce ta fara sa ƙafa a kan matakalar, ko da yake ba ta saki igiyar jakarsa ba. Ya fito da ita har waje, ya karɓi wayarta ya yi magana da mijin Maryam, ya tsaya da ita cikin sanyi har mijin ya ɓullo da gudu. Hajiya ta kwance bakin mayafinta ta ciro kuɗi, ya ja da baya yana girgiza kai. Sai ta laluba jaka ta ɗebo dabino cike da hannu ta zuba masa a tafi biyu.

"Allah ya yi maka albarka, ya haɗa ka da kakarka kuna lafiya," ta ce. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya jefa dabino ɗaya a baki, ya koma cikin tashar da sauri.

Sai da suka kai ƙofar asibitin surukin ya ce, "Hajiya, yaya sunan yaron nan?" Ta tsaya cak, domin ba ta tambaya ba. A ɗakin masu haihuwa ta karɓi jaririyar ta yi mata addu'a, sannan ta buɗe fulas ta tsiyaya wa Maryam kunun a kofi, yana ta tururi.