Yadda Ake Fitar da Iyakar Matattarar Ruwa da Taruwar Ruwa daga DEM a QGIS: Misalin Madatsar Tiga

Matattarar ruwa ita ce duk ƙasar da ruwan saman da ya sauka a kanta yake gangarowa ya fita ta wuri ɗaya. Misalin da za a yi aiki da shi a nan shi ne Kogin Kano a daidai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Tambayar ita ce: daga ina zuwa ina ƙasar da ke ciyar da dam ɗin ta kai, kuma murabba'in kilomita nawa ce? Matakan ba su canjawa idan kwalbati ne ko ƙaramin dam na ƙasa ake shirin ginawa.

DEM hoto ne da aka yanka gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida ɗauke da lamba ɗaya, wato tsayin ƙasa a wurin. Manhajar QGIS tana duban kowane gida ta tura ruwansa zuwa maƙwabcin da ya fi gangare. Ba ta san kogi ba, ba ta san gada ba, lambobi kawai take gani. Yawancin kurakuran wannan aiki daga nan suke fitowa.

Shirya DEM

Akwai SRTM, wanda aka ɗauka a Fabrairun 2000, da kuma Copernicus GLO-30. Dukansu kyauta ne, kuma faɗin gida ɗaya kusan mita 30 ne. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano, Copernicus ya fi, domin SRTM cikakkun mitoci yake bayarwa ba tare da ɗigo ba, sai gangare mai laushi ya koma kamar matakalar bene. Ana sauke su falle-falle ne, kuma Tiga tana cikin fallen N11E008, amma kogin daga kudu yake tasowa, ta wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai, don haka dole a haɗa da N10E008. Sauke na maƙwabta ma ba asara ba ne. A haɗe su da Raster > Miscellaneous > Merge.

Fayilolin suna zuwa a EPSG:4326, inda ma'aunin kwance digiri ne, na tsaye kuma mita. Ba a lissafin gangare a haka. A buɗe Raster > Projections > Warp (Reproject), a zaɓi EPSG:32632, wato UTM 32N, wanda ya rufe daga digiri 6 zuwa 12 gabas. A sa resolution 30, nau'in lamba Float32, hanyar resampling kuma Bilinear. Wanda ya bar ta a Nearest Neighbour zai ga layuka a jere cikin hoton, kuma ruwan zai bi su kamar kunyoyin gona. Idan akwai gidajen da babu lamba a cikinsu, a toshe su da Fill NoData tun yanzu. Sannan a yanke DEM ɗin da Clip Raster by Extent, amma a bar sarari mai yawa ko'ina, kilomita goma ko fiye bayan inda ake zaton iyakar za ta tsaya.

Wani abu ƙarami da ke cinye wa mutane yini guda: sunan folda da na fayil. GRASS da SAGA, manhajojin da QGIS ke kira su yi wannan lissafi, sukan ƙi aiki idan akwai tazara ko haruffa irin ƙ, ɗ da ɓ a hanyar fayil. `C:\gis\tiga\dem_utm.tif` ya wadatar.

Cike ramuka

Rami a nan shi ne gida, ko tarin gidaje, da duk maƙwabtansa suka fi shi tudu. Ruwa ya shiga, ba mafita, lissafi ya tsaya. Wasu ramukan na gaske ne, kamar kududdufin da aka haƙi ƙasar gini ko tafkin fadama. Mafi yawa kuwa na ƙarya ne. SRTM da Copernicus saman abin da ke kan ƙasa suke aunawa, har da bishiyoyi da gine-gine. Kurmin da ya rufe ƙorama a Falgore sai ya fito kamar tudu a tsakiyar rafi. Titin da aka ɗaga kuwa yana fitowa kamar bango, domin na'urar ba ta ganin kwalbatin da ke ƙarƙashinsa.

Kayan aikin da aka fi amfani da shi shi ne Fill Sinks (Wang & Liu), a nemo shi a Processing Toolbox. Asalinsa na SAGA ne, kuma tun daga QGIS 3.30 SAGA ba ya zuwa a haɗe, sai an ɗora Processing Saga NextGen Provider daga Plugins. A ba shi `dem_utm.tif`, a sa Minimum Slope a digiri 0.01, a ajiye cikakken DEM ɗin da suna `dem_cike.tif`. Wannan ɗan gangaren shi ke sa saman ramin da aka cike ya karkata zuwa mafita maimakon ya zama shimfiɗe kamar tabarma. Idan aka sa sifili, ruwa ba zai san inda zai nufa ba. Idan aka sa da yawa, ƙasar za ta yi ta hawa: digiri 0.1 yana ƙara kusan mita 1.7 a kowace kilomita, kuma a kan tafki mai tsawon kilomita ashirin wannan ya haura mita 30, tudun da babu shi a duniya. Na GRASS shi ne r.fill.dir, sai dai wani lokaci sai an maimaita shi sau biyu ko uku kafin ramukan su ƙare.

Kada a wuce nan sai an duba abin da cikon ya yi. A Raster Calculator:

```
"dem_cike@1" - "dem_utm@1"
```

A ba sakamakon launi, a ɓoye sifili. Ciko na 'yan santimita zuwa mita ɗaya ko biyu a warwatse ba abin damuwa ba ne. Abin da ake nema shi ne babban fili da aka ɗaga mita biyar ko goma, mai miƙaƙƙen gefe a ɓangare ɗaya. Ɗora shi a kan hoton tauraron ɗan'adam, kusan kullum za a tarar titi ne. Manhajar ta cika kwarin har ruwa ya tsallake ta wurin da ya fi ƙasa, wanda zai iya kasancewa nesa da kwalbatin, har ma ya faɗa wani rafi dabam. Maganinsa a fasa titin, ba a ƙara ciko ba. A zana ɗan gajeren layi da ya ratsa titin a inda kwalbatin yake, a mayar da shi hoto da Rasterize mai lamba 1 a kan layin da 0 a sauran wurare, da faɗin gida da iyaka iri ɗaya da na DEM, a ajiye shi da suna `kwalbati.tif`, sannan:

```
"dem_utm@1" - 10 * "kwalbati@1"
```

Sai a sake cikewa. A tabbata sauran wuraren 0 ne na gaske, ba NoData ba, in ba haka ba hoton duka zai fito fanko.

Ramin gaske kuma a yi tunani kafin a cike shi. A ƙasan Haɗejiya da wajen Nguru, inda ruwa ke bazuwa cikin fadama ya tsaya, cike komai zai zana kogi miƙaƙƙe a inda ruwa ba ya gudu ko kaɗan.

Alƙiblar ruwa da taruwarsa

A buɗe r.watershed na GRASS. Gaskiya shi wannan ba ya bukatar a cike masa ramuka, yana da dabararsa ta neman hanya mafi sauƙi ya ratsa su, kuma a ƙasa mai laushin gangare sau da yawa ya fi bin ainihin kogi idan aka ba shi DEM ɗin da ba a cike ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a gudanar da shi sau biyu, da cikakken da wanda ba a cike ba, a riƙe wanda rafukansa suka hau kan hoton tauraron ɗan'adam.

A Minimum size of exterior watershed basin ana sa adadin gidaje ne, ba murabba'in mita ba. Gida ɗaya murabba'in mita 900 ne, wato kusan gidaje 1,111 ke yin murabba'in kilomita ɗaya. Ga kogi kamar na Kano, 10,000 ya yi, murabba'in kilomita 9 kenan kafin a kira wuri rafi. Ga ƙaramin kwalbati a sauko zuwa 500. A kunna Enable Single Flow Direction (D8), domin duk ruwan gida ya tafi maƙwabci ɗaya cikin takwas, abin da zai sa a iya tantance lissafi daga baya. A ajiye sakamako uku: Number of cells that drain through each cell, wato taruwar ruwa, adadin gidajen da ruwansu ke bi ta kowane gida, da suna `taruwa.tif`, da Drainage direction, wato alƙiblar ruwa, da Stream segments. Falle biyu sun kai gidaje kusan miliyan 26, aikin zai ci kusan megabait 800 na ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan ta gaza, a kunna zaɓin disk swap memory a yi haƙuri.

Hoton taruwar ruwa zai fito kusan baƙi ƙirin, saboda gidajen tudu suna da 1 ko 2, na babban kogi kuma miliyoyi. A gyara shi don kallo:

```
log10(abs("taruwa@1") + 1)
```

Lamba mai alamar ragi a hoton asali gargaɗi ce: GRASS yana cewa wataƙila wani ruwan yana shigowa daga wajen iyakar DEM, don haka adadin bai cika ba. Akwai zaɓin da ke mayar da su duka su zama ba ragi, amma kunna shi tun farko toshe bakin mai gargaɗi ne.

Mafita da iyaka

Nan aka fi faɗuwa. r.water.outlet yana karɓar Drainage direction da wuri ɗaya. Idan wurin ya kauce wa layin taruwar ruwa ko da gida ɗaya ne, sakamakon zai zama ɗan ɗigo mai gidaje biyar ko shida. Kada a ɗauki wurin daga GPS ko hoton tauraron ɗan'adam kai tsaye. A zuƙo hoton taruwa har gidaje su fito ɗaiɗai, a taɓa su da Identify Features, a zaɓi tsakiyar gidan da ke da babbar lamba mafi kusa da wurin gaske. A Tiga saman tafkin shimfiɗe yake, layukan da ke ciki na lissafi ne kawai. A bi babban layin har inda ya tsallake bangon dam, a sa mafitar a kansa dab da bangon, kafin wata ƙorama ta ƙasa ta shigo. Lambobin wurin su kasance a EPSG:32632.

Kada a ba r.water.outlet hoton alƙiblar da SAGA ya fitar. SAGA yana ƙirga 0 zuwa 7 daga arewa yana bin hannun agogo, GRASS kuma 1 zuwa 8 daga arewa maso gabas yana saɓa wa agogo. Ba lallai ya nuna kuskure ba, shirme kawai zai zana.

A mayar da sakamakon zane da r.to.vect, a zaɓi area, ko da Polygonize. A Field Calculator:

```
area($geometry) / 1000000
```

Yanzu a tantance. A ɗauki lambar taruwa a gidan mafita, a ninka da 900, a raba da miliyan ɗaya. Da D8, amsar ya kamata ta yi kusan daidai da faɗin zanen. Idan sun yi hannun riga, mafitar ba ta kan layi. Sai a zagaya iyakar da ido a kan Hillshade: ta bi ƙololuwar tudu, kada ta ratsa rafi ko'ina sai a mafita. Duk inda ta miƙe sambal ta kudu ko ta gabas, DEM ne ya ƙare ba matattarar ba, sai a ƙaro fallen da ke maƙwabtaka a koma matakin Merge.