Wasiƙar Ban Haƙuri Kan Jinkirin Ɗinki

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Muna ba ki haƙuri kan atamfofi 6 da muka yi alkawarin kawo miki Daura ranar Laraba, ga shi har Asabar ba su iso ba. Injin aikin wuya ne ya tsaya, kuma sai jiya bakaniken ya samo ƙarfen da ya karye daga Kano. Laifinmu ne da ba mu sanar da ke tun ranar ba.

An gama 4, za mu ba direba a tasha gobe da safe, kuɗin mota a kanmu. Sauran 2 ranar Talata in sha Allahu, kafin kamun ranar Alhamis. Mun cire naira 6,000 daga kuɗin ɗinki. In kuma kin fi son a dawo miki da biyun da kafin alƙalaminsu, ki sanar da mu yau.

Allah Ya huci zuciyarki.

Shugabar shago,
Ƙofar Ƙaura, Katsina